Wanne Za A Fara Faɗa: Yadda Ake Gyara Jerin Fayil ɗin README

Duk wanda ya taɓa sayen sabon injin markaɗe ko janareta ya san ƴar takardar nan da ake sakawa a cikin kwali. Tana fara gaya maka mene ne abin da ka saya, sai yadda za ka harhaɗa shi, sai yadda za ka tayar da shi, can ƙarshe kuma inda za ka kai kuka idan ya lalace. Da wani kamfani zai buga tasa ya fara da adireshin masu gyara, ya kai bayanin zuba mai shafi na tara, da an ce ba su san aikinsu ba. To, a duniyar masu rubuta manhaja irin wannan takarda sunanta README, kuma abin mamaki shi ne yadda ake yawan samun ta a birkice, kai a ƙasa ƙafa a sama, ko a hannun ƙwararrun da manhajarsu ba ta da makusa.

README fayil ne na rubutu zalla da ake ajiyewa a bakin ƙofar manhaja. Ma'anar sunan da Turanci ita ce "karanta ni". Al'adar ta daɗe, tun shekarun 1970 ake raba manhajoji da irin wannan fayil. Rubuta sunan da manyan baƙaƙe ma dabara ce: a tsarin ASCII manyan baƙaƙe suna gaba da ƙanana, saboda haka idan aka jero fayiloli a tsofaffin kwamfutocin Unix sai README ya taso sama inda ido zai fara sauka. Bayan da aka buɗe GitHub a 2008, dandalin da masu manhaja ke ajiye ayyukansu, sai darajar fayil ɗin ta ƙaru, domin dandalin yana ɗaukar README ya shimfiɗa shi a shafin farko na kowane aiki. Yawanci ana rubuta shi da Markdown, wata sassauƙar hanyar tsara rubutu da John Gruber ya fitar a 2004, inda alamar `#` a farkon layi ke nufin babban kai, `##` kuma kan sashe.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, ba wanda ke zama ya rubuta README a birkice da gangan. Birkicewar tana zuwa ne sannu a hankali. Ranar farko mai manhaja ya rubuta layi biyar domin kansa, don kada ya manta yadda yake tayar da aikin. Bayan wata biyu wani ya aiko da gyara ba bisa tsari ba, ransa ya ɓaci, ya rubuta dokokin ba da gudummawa ya liƙa su a sama don kowa ya gani. Wani ya yi tambaya, ya amsa a ƙasa. Haka fayil ɗin ke girma kamar gidan gado, kowa ya zo ya ƙara ɗaki inda ya ga fili, har a wayi gari sai an ratsa ta kicin kafin a kai zaure. Jerin da ke ciki ya zama tarihin abin da ya dami mai shi, wata bayan wata. Baƙon da ya zo yau kuwa bai san wannan tarihi ba, kuma ba ruwansa da shi.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Mu ƙaddara wata ɗaliba ta rubuta ƴar manhaja da harshen Python, ta sa mata suna `gyara-haruffa`. Aikinta shi ne ta karɓi rubutun Hausa da aka buga a allon da ba shi da haruffa masu lanƙwasa, inda aka rubuta k' da d' da b', ta mayar da su ƙ da ɗ da ɓ. Manhaja ce da editan jarida ko malamin makaranta zai so. Bayan shekara guda, README ɗinta ya kai layi ɗari da hamsin. Matakin farko na gyara ba karanta shi ba ne, fitar da ƙashin bayansa ne, wato kanun sassa kaɗai. Umarni guda ya isa:

```
grep '^#' README.md
```

Wannan yana fito da duk layin da ya fara da `#`. (A kula, zai kwaso har da layukan sharhi da ke cikin misalan umarni, domin su ma da wannan alama suke farawa. Sai a tsallake su da ido.) A wurin ɗalibarmu ga abin da ya fito:

```
# gyara-haruffa
## Contributing
## Changelog
## Usage
## License
## Setup
## FAQ
```

Yanzu mu sa kanmu a matsayin editan jaridar nan. Ya buɗe shafin, wataƙila ma a waya. Abin da ya fara cin karo da shi shi ne `Contributing`, sashen da ke bayyana yadda ake ba da gudummawa ga manhajar da bai ko san aikinta ba tukuna. Sai `Changelog`, jerin sauye-sauyen da aka yi tun fitowa ta farko, layi arba'in. Sai `Usage`, yadda ake amfani, wanda ya ce masa ya buga wani umarni. Ya buga, kwamfuta ta ce ba ta san wannan abu ba, tunda bai girka komai ba. Bayanin girkawa yana can ƙasa da lasisi a ƙarƙashin `Setup`. Mutum mai haƙuri ne kawai zai kai wurin. Yawancin mutane a daidai nan suke rufe shafi su nemi wata, kuma ba za su aiko da saƙo su ce ga dalilin tafiyarsu ba.

Jerin da aka saba, wanda masu karatu ke tsammani, shi ne: suna da taƙaitaccen bayani, sai `Installation`, sai `Usage`, sai `Contributing`, lasisi a ƙarshe. Akwai ma wata rubutacciyar ƙa'ida mai suna standard-readme, wadda Richard Littauer ya assasa, da ta tsayar da wannan jeri, ta ce lasisi ne zai zama sashe na ƙarshe, ta kuma ce taƙaitaccen bayanin kada ya kai haruffa 120. Amma ba ƙa'idar ce ta haifi jerin ba. Dalilinsa a fili yake: kowane mataki yana tsaye ne a kan wanda ya gabace shi. Ba ka amfani da abin da ba ka girka ba, ba ka kuma gyara abin da ba ka taɓa amfani da shi ba. Akwai dalili na biyu, na yawan jama'a. Masu leƙowa su ga mene ne abin sun fi kowa yawa, masu girkawa ba su kai su ba, masu aiko da gyara kuwa ƴan ƙalilan ne. Abin da mafi yawa ke buƙata shi ke hawa sama. Mai niyyar ba da gudummawa ya riga ya ƙulla zumunci da manhajar, ba zai ƙi gangarawa ƙasa ya nemi sashensa ba.

Da a ce matsalar ta tsaya a nan, da aikin minti biyar ne: yanke, liƙa, an gama. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ke cikin sassan. Mu buɗe `Setup` ɗin ɗalibarmu:

```
git clone <adireshin aikin>
cd gyara-haruffa
pip install -e ".[dev]"
pytest
```

Wanda ya san harkar yana gani zai gane cewa wannan ba girkawar mai amfani ba ce. Layin farko yana kwaso dukkan ainihin rubutun manhajar zuwa kwamfutarka. Na uku yana girka ta a yanayin da duk gyaran da ka yi wa rubutun zai fara aiki nan take, tare da ƙarin kayan aikin masu gyara. Na huɗu yana gudanar da gwaje-gwaje. Wannan shiri ne na wanda zai zauna ya yi aiki a kan manhajar, wato ita ɗalibar da abokan aikinta. Editan jarida bai buƙatar ko ɗaya daga ciki. Abin da yake buƙata layi ɗaya ne, kuma layin yana nan a cikin fayil ɗin, sai dai an binne shi a `FAQ`, a matsayin amsar wata tambaya da wani ya taɓa yi: `pip install gyara-haruffa`. A wurin ne kuma aka ambata, kamar da wasa, cewa sai da Python 3.9 ko sama da haka manhajar ke aiki.

A ganina wannan ita ce cutar da ta fi kama fayilolin README, kuma ita ce sauya wurin sassa kaɗai ba ya warkarwa. Girkawa iri biyu ce, ta mai amfani da ta mai gyara, amma mai manhaja ta biyun kawai yake yi kullum, don haka ita yake rubutawa. Idan aka ɗauki `Setup` yadda yake aka kai shi sama aka sake masa suna `Installation`, jerin kanu zai yi kyau a ido, amma an tura talaka ya sauke `git` da kayan gwajin da ba su shafe shi ba, ya ƙone data a banza, kuma kowane ƙarin mataki wata dama ce ta tuntuɓe. Gyaran gaskiya shi ne a tsaga sashen gida biyu. Layuka huɗun nan su koma ƙarƙashin `Contributing`, inda masu su za su same su. Layin da aka binne a `FAQ` ya haura sama, kuma sharaɗin Python ya riga shi zuwa, domin sharaɗi ana faɗarsa ne kafin mutum ya fara, ba bayan ya makale ba.

Akwai wani ƙarin abu da ya kamata sabon sashen girkawa ya yi la'akari da shi. Tun daga Debian 12 da Ubuntu 23.04, duka na 2023, idan mutum ya buga `pip install` kai tsaye a kan Python ɗin da ya zo da kwamfutar, sai a ƙi, a nuna masa saƙon `externally-managed-environment`. An yi haka ne don kada abin da ya girka ya ɓata kayan da ita kanta kwamfutar ke dogaro da su. Mafita ita ce a buɗe keɓaɓɓen wuri domin manhajar. Saboda haka sashen zai zama kamar haka, bayan jimla ɗaya da ta ce ana buƙatar Python 3.9 ko sama:

```
python3 -m venv wuri
source wuri/bin/activate
pip install gyara-haruffa
gyara --version
```

Layi na biyu na masu Linux da macOS ne, a Windows `wuri\Scripts\activate` ake bugawa, kuma ya kamata a faɗi haka a wurin. Layin ƙarshe kuwa mutane da yawa suna barinsa, alhali yana da amfani ƙwarai. Shi ne ke ba mai karatu hanyar tabbatar da cewa girkawa ta yi. Idan lamba ta fito, ya wuce gaba da kwanciyar hankali. Idan ba ta fito ba, ya san matsalarsa a nan take, ba sai ya je sashen amfani yana zargin kansa da rashin fahimta ba.

Da an taɓa girkawa, sai sashen amfani ya girgiza. Tsohon `Usage` cewa ya yi a buga `python gyara.py labari.txt`. Wannan umarni yana aiki ne kawai idan kana tsaye a cikin foldar da `git clone` ya kawo, inda fayil ɗin `gyara.py` yake. Ɗalibar ba ta taɓa lura ba, domin ita kullum a cikin wannan folda take. Wanda ya bi sabuwar hanya ba shi da wannan folda kwata-kwata, zai buga umarnin a ce masa ba a ga fayil ba. Dole a sake shi ya dace da hanyar girkawar da aka bayar a sama:

```
gyara labari.txt
```

Kuma a nuna abin da zai fito. A ce idan `labari.txt` yana ɗauke da "k'asar nan tana da d'imbin albarka", za a ga "ƙasar nan tana da ɗimbin albarka". Misali ɗaya mafi sauƙi, da abin da aka shigar da abin da ya fita, shi ya kamata ya buɗe sashen. Zaɓuɓɓuka masu wuya su biyo baya, idan kuma sun yi yawa a kai su wani fayil a bar mahaɗi. Na sha ganin sashen amfani da ya fara da teburin zaɓuɓɓuka ashirin ba tare da misali ko ɗaya ba. Kamar ka tambayi hanyar tasha ne a miƙo maka taswirar jiha.

A nan ya dace a faɗi cewa ba kowa ya yarda girkawa ta riga amfani ba, kuma masu ja suna da hujja. Suna cewa mutum ba zai ɓata lokacin girka abu ba sai ya ga yadda aikinsa yake, saboda haka a fara nuna masa ɗanɗano. Shahararriyar manhajar Requests ta Python haka README ɗinta yake: ɗan gajeren misali na aiki ne ke zuwa da farko, bayanin girkawa ya biyo baya. Ni dai ban ga saɓani na gaske a nan ba. Ɗanɗano daban, cikakken bayanin amfani daban. Layi uku ko huɗu da ke nuna abin da manhajar ke yi wani ɓangare ne na gabatarwa, kamar yadda mai kilishi ke yanko maka ɗan tsinke kafin a yi ciniki. A sa shi a sama ba laifi. A wurin ɗalibarmu misalin "k'asa" da "ƙasa" zai iya zama a jimla ta biyu ta fayil ɗin, ya fi duk wani dogon bayani. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a umarci mutum ya buga wani abu kafin a gaya masa yadda zai same shi.

Sauran sassan ba su da wahala. `Changelog` ya fita gaba ɗaya zuwa nasa fayil, `CHANGELOG.md`, domin kullum ƙaruwa yake, kuma duk abin da ke ƙaruwa ba iyaka zai ci gaba da tura abin da ke ƙasansa nesa. Lasisi ya koma ƙarshe, layi ɗaya da ya ambaci sunansa ya nuna fayil ɗin `LICENSE`. `FAQ` kuwa a bi shi tambaya bayan tambaya, domin sau da yawa kowace tambaya shaida ce cewa wani bayani ba ya inda ya kamata. Idan aka mayar da kowace amsa gidanta, wani lokaci sai a ga babu abin da ya rage. `Contributing` idan ya wuce sakin layi biyu ko uku, gara a kai shi `CONTRIBUTING.md`. GitHub ya san wannan suna, yana nuna wa mutum mahaɗinsa a lokacin da zai shigar da koke ko ya aiko da gyara, wato daidai lokacin da yake buƙatarsa. A README sai a bar jimla biyu: ana maraba da gyara, ga inda ake kai koke, ga cikakken bayani.

Yanzu sai ɓarnar da ƙaura ke jawowa, wadda ba a gani sai an nema.

Ta farko kalmomi ne. Rubutu cike yake da "kamar yadda aka faɗa a sama", "duba ƙasa", "bayan ka gama wannan". Da zarar sassa sun sauya wuri, sama ta zama ƙasa. Sai a bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma ya fi kyau a maye gurbinsu da mahaɗi mai ambaton sunan sashen, don gobe idan an sake ƙaura kada a koma gidan jiya. Haka nan gajerun sunaye: idan an fassara wani suna a karon farko da ya fito, kuma yanzu wancan sashen ya koma ƙasa, mai karatu zai gamu da sunan kafin fassararsa.

Ta biyu ita ce mahaɗan cikin shafi, kuma ita ta fi ɓoyewa. GitHub yana ba kowane kai adireshi da kansa: ya mayar da baƙaƙen ƙanana, ya sa ɗan layi a madadin tazara, ya zubar da alamomin rubutu. `## Setup` yana zama `#setup`. Matsar da sashe ba ya sauya wannan adireshi, amma sake masa suna yana sauyawa. Da ɗalibar ta mayar da `Setup` zuwa `Installation`, duk wani mahaɗi da ke nuni ga `#setup` ya mutu. Abin haushin shi ne ba ya mutuwa da ƙara. Ba a nuna wani kuskure, shafin kawai zai buɗe daga sama, mai karatu ya yi ta mamakin me aka turo shi ya gani. Na cikin aikin ana iya kamo su:

```
grep -rn "#setup" .
```

Na waje fa, waɗanda mutane suka liƙa a wasu wurare ko suka tura wa juna? Waɗannan ba ka da iko da su, amma kana iya barin tsohuwar alama a daidai sabon wuri. Layi ɗaya a saman sabon kai, `<a name="setup"></a>`, ba ya bayyana ga mai karatu, kuma tsofaffin mahaɗai za su ci gaba da sauka inda ya dace.

Akwai wani tarko a nan mai ban dariya. Idan kanu biyu suna da suna ɗaya, a ce `Example` a ƙarƙashin girkawa da wani `Example` a ƙarƙashin amfani, GitHub yana ba na farko `#example`, na biyu `#example-1`. Lambar ta dogara ne da wanda ya riga zuwa. Ka sauya jerin sassan, adireshin su yi musanya. Mahaɗin yana aiki sarai, sai dai yana kai mutum gidan maƙwabci. Wannan ba wata manhajar duba mahaɗai da za ta kama shi, tunda a wurinta komai lafiya. Maganinsa shi ne kada a bar kanu biyu da suna ɗaya tun farko.

Ta uku ta shafi sashen da aka fitar zuwa wani fayil. Markdown yana ba da damar rubuta mahaɗi a gajarce, kamar `[dokoki][1]`, sannan a ajiye ainihin adireshin can ƙasan fayil. Idan aka kwashe sakin layin zuwa `CONTRIBUTING.md` aka manta adireshin a README, a sabon wuri sai a ga bakan gizo da lamba a fili, ba abin latsawa. A kuma duba matakan kanu: ƙaramin kai mai `###` da aka cire daga wani sashe zai shige ƙarƙashin duk wani `##` da ya samu a samansa, ko da ba danginsa ba ne. Hanyar gani cikin sauri ita ce jerin kanun da GitHub ke haɗawa da kansa a gefen README tun 2021. Idan wani abu ya zauna a gidan da ba nasa ba, a nan zai fito.

Wani abin da ake mantawa shi ne README ba a wuri ɗaya yake rayuwa ba. Manhajar ɗalibarmu tana PyPI, rumbun da `pip` ke ɗebo kaya daga ciki, kuma shafinta na can daga wannan fayil ɗin ake cika shi. Abu biyu ke biyo baya. Mahaɗi gajere irin `CONTRIBUTING.md` yana aiki a GitHub domin fayil ɗin na kusa, amma a PyPI babu shi, sai ya mutu. Idan ana son ya yi aiki a duka biyun, sai a rubuta cikakken adireshi. Sannan shafin PyPI ba ya sabuntuwa don an gyara README, sai an fitar da sabuwar fitowa ta manhajar. Haka npm yake ga masu JavaScript. Mutum zai gama gyara ya je ya duba ya ga tsohon birkitaccen rubutu na nan daram, ya ɗauka wani abu ya lalace. Ba abin da ya lalace.

Yadda ake miƙa gyaran ma yana da ladabinsa, musamman idan aikin na wani ne. Git yana kallon ƙaurar sakin layi a matsayin gogewa a nan da sabon rubutu a can. Idan ka haɗa ƙaura da gyaran kalmomi a zubi ɗaya, mai duba aikin zai ga jan layi ɗari da koren layi ɗari, ba zai iya tantance abin da ka matsar da abin da ka sauya ba. Mai aiki da yawa zai ajiye shi gefe ya ce sai ya samu lokaci, lokacin kuwa ba ya zuwa. Hanyar da ta fi ita ce a raba. Zubin farko ƙaura zalla, ko waƙafi ba a taɓa ba. Mai dubawa zai iya tabbatarwa da kansa:

```
git show --color-moved
```

Wannan zaɓi, wanda ya shigo Git a 2017, yana ba layukan da aka matsar launi daban da na waɗanda aka sauya da gaske. Zubi na biyu sai sake suna da gyaran mahaɗai, na uku sabon rubutu. Kuma kafin a fara duk wannan a aikin wani, a tambaye shi tukuna. README fuskar aikin mutum ce, wasu sun zaɓi jerinsu da dalili, ba kowa ke son ya tashi da safe ya tarar an sake masa fasalin zaure ba.

Idan akwai fassara, a ce `README.ha.md` na Hausa kusa da na Turanci, ita ma a sake jerinta a lokaci guda. In ba haka ba, bayan ƴan watanni ba wanda zai iya ɗora su gefe da gefe ya gane wane sashe ne ya tsufa.

Gwaji na ƙarshe ba a yinsa da ido. Kwamfutar mai manhaja maƙaryaciya ce a wannan fage, domin komai yana girke a cikinta tun tuni, kowane umarni zai yi aiki ko da bayanin ya tsallake matakai uku. Sai a buɗe sabuwar folda wadda ba komai a ciki, a fara daga layin farko na README, a kwafi kowane umarni yadda yake a liƙa, ba tare da ƙara ko harafi daga abin da aka sani a ka ba. Duk inda hannu ya so ya buga wani abin da ba a rubuta ba, to nan akwai rami. A nan ne ake gano ƙananan abubuwa, kamar alamar `$` da wasu ke sakawa a farkon umarni, wadda sabon shiga ke kwafewa har da ita kwamfuta ta ƙi karɓa.

Wanda ya fi wannan shi ne a samu mutumin da bai taɓa ganin manhajar ba, ga ɗalibarmu wata ƴar ajinsu ta isa, a ba ta shafin a ce ta gyara wannan fayil na `labari.txt`. Sannan a zauna a gefe a kama baki. Wannan ne mai wuya, domin da ta tsaya tana jujjuya shafi sama da ƙasa bakinka zai yi ƙaiƙayi ka ce "ai sai kin fara buga kaza". Kada ka faɗa. Ka rubuta a takarda daidai layin da ta tsaya da abin da take nema. Idan ta gangara ƙasa neman wani abu sannan ta dawo sama ta ci gaba, wancan abin da ta je nema a ɗauko shi a kawo daidai inda ta tsaya, a sake ba wani daban ya gwada.